Mutum Nawa, Asibiti Nawa? Lissafin Da Ake Yi Kafin Gwada Shirin Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Idan za a gwada sabon magani, akan raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu su sha sabon, wasu su ci gaba da na da. Shirin taimaka wa masu ciwon damuwa a cikin unguwa ba ya rabuwa haka cikin sauƙi. Ma'aikaciyar lafiyar da aka koya wa sabuwar hanyar ba da shawara ba za ta manta da ita ba don marar lafiya na gaba ya faɗa ɗaya ɓangaren, kuma maƙwabta sukan ba juna labarin abin da aka faɗa musu. Shi ya sa ake jefa ƙuri'ar a kan rukuni guda, wato asibiti ko ƙauye ko gunduma. Haka aka yi da shirin Friendship Bench a Harare ta Zimbabuwe, wanda aka buga sakamakonsa a 2016: ƙananan asibitoci 24, 12 a kowane ɓangare, da mutum 573.

Kafin a ɗauki ko mutum ɗaya, sai an san nawa ake buƙata. Masu bincike sukan fara da tsayar da mafi ƙarancin bambancin da zai amfani marasa lafiya. A ɗauka, alal misali, kashi 40 cikin 100 na samun sauƙi da kulawar da aka saba, ana kuma fatan sabon shirin ya kai 60. Sai a zaɓi ƙarfin gwajin, galibi kashi 80 ko 90. Ƙarfi 80 na nufin idan har bambancin yana nan da gaske, gwaji takwas cikin goma za su gano shi. Ana kuma amincewa da kasadar kashi 5 ta ganin bambanci alhali babu. Da waɗannan alƙaluma, in da ɗaiɗaiku za a raba mutane, kimanin 94 a kowane ɓangare sun isa.

Amma mutanen rukuni ɗaya sun fi kama da juna fiye da na nesa. Ma'aikaciya ɗaya ke ganinsu, wata mai haƙurin sauraro, wata mai gaggawa. Talauci ko ambaliya ko rashin tsaro kan same su tare. Jin ta bakin mutum 25 daga asibiti ɗaya kamar tambayar 'yan gida ɗaya labarin kasuwa ne, maimaici ya yi yawa a ciki. Ana auna wannan kamanceceniya da lambar da ake rubutawa ICC, daga 0 zuwa 1. A irin waɗannan bincike lambar ƙarama ce, amma tasirinta ba ƙarami ba ne, domin da ita ake ninka adadin farko:

```
DE = 1 + (m - 1) × ICC
```

Harafin m shi ne yawan mutane a kowane rukuni. Idan m 25 ne, ICC kuma 0.05, ninkin ya zama 2.2. Mutum 94 sun koma 207 ke nan, wato asibitoci 9 a kowane ɓangare, 18 gaba ɗaya. Saura waɗanda za su ɓace kafin a auna su bayan wata shida, saboda ƙaura ko tsoron a kira su mahaukata. In ana zaton ɗaya cikin biyar zai fita, sai kowane asibiti ya ɗauki 32 domin a ƙare da 25. Jimilla 576.

A nan ne masu tsimin kuɗi kan yi tuntuɓe. Ƙara mutane a asibitin da aka riga aka shiga ya fi araha a kan buɗe sabo, sai dai ribarsa kaɗan ce. Ko an ɗauki 100 a kowanne, ninkin zai haura zuwa 5.95, asibitocin kuma daga 9 zuwa 6 kawai za su sauka. Da ICC na 0.05, rukuni guda ba zai taɓa wuce darajar mutum 20 masu zaman kansu ba, ko da mutum dubu aka tambaya a cikinsa. Yawan rukunai ne ke ba gwajin ƙarfi.

Rauni mafi girma a lissafin shi ne ba a sanin ICC na gaskiya sai an gama aikin. Ana aro shi ne daga binciken baya ko ƙaramin gwajin share fage, kuma irin wannan ƙiyasi yakan yi rawa. Da a ce 0.10 ne, ninkin zai zama 3.4, a buƙaci asibitoci 13 a kowane ɓangare. Wanda ya tsaya a 9 zai iya gamawa ya ce shirin bai yi aiki ba, alhali gwajinsa ne ya gaza gani. Don haka akan yi lissafin da lambobi biyu ko uku, a ƙara rukuni ɗaya ko biyu a kowane ɓangare idan rukunan kaɗan ne ko girmansu ya sha bamban, sannan a bayyana ICC ɗin da aka samu a rahoton ƙarshe domin masu tsara gwaji na gaba.