Yadda Masanin Muhalli Ke Amsa Sukar Masu Tantance Bincikensa

Idan masanin muhalli ya aika rahoton bincikensa ga mujallar kimiyya, edita yakan miƙa shi ga ƙwararru biyu ko uku, waɗanda galibi ba a bayyana sunayensu, su tantance shi. Idan suka dawo da gyare-gyare, marubucin zai gyara rahoton, sannan ya haɗa shi da wasiƙar amsa. A binciken da aka yi a daji ko a gona, tambayoyi biyu ne suka fi yawan tasowa: yadda aka zaɓi wuraren da aka yi awo, da kuma ko yawansu ya isa a gane bambancin da ake nema.

Wasiƙar tana da tsarin da aka saba. Takan fara da gajeriyar godiya ga edita da masu tantancewa, sai taƙaitaccen bayanin manyan canje-canjen da aka yi. Daga nan a bi koke-koken ɗaya bayan ɗaya da lamba: a kawo maganar mai tantancewa kamar yadda ya rubuta ta, a ba da amsa a ƙarƙashinta, a faɗi shafi da layin da aka gyara. Ba a tsallake ko ɗaya, domin edita zai karanta, kuma sau da yawa wasiƙar takan koma hannun waɗanda suka yi sukar.

A ɗauka cewa wani masani ya so ya san ko katange fili daga dabbobin kiwo yana ƙara yawan ƙananan itatuwan gawo da ke tsirowa. Ya samu filaye 6 masu shinge da filaye 6 da shanu da awaki ke shiga. A kowane fili ya shata murabba'i 10, kowanne mita 10 tsawo mita 10 faɗi, ya ƙirga tsiron da ke ciki. Ya tashi da ƙirga 120, wato 60 a kowane ɓangare. A matsakaici, murabba'in da ke cikin shinge yana da tsiro 12, na waje yana da 8. Ya yi lissafinsa a kan 60 da 60, ya rubuta cewa shinge yana ƙara tsiro babu tantama.

Mai tantancewa na farko zai ce samfurinsa 6 ne da 6, ba 60 da 60 ba. Murabba'i goma da ke fili ɗaya ƙasarsu ɗaya ce, ruwan saman da ya sauka musu ɗaya ne, manyan gawon da ke zubar musu da iri su ne dai. Wanda ya ɗanɗana miyar tukunya ɗaya sau goma, miyar tukunya ɗaya ya sani. Shingen kuwa fili aka yi wa, don haka filin ne abin ƙirgawa. Wannan kuskure tsoho ne. A 1984 Stuart Hurlbert ya duba gwaje-gwajen muhalli 176 da aka wallafa, ya same shi a kashi 27 cikin 100 nasu. Alamarsa a rahoto ita ce adadin samfurin da aka yi lissafi da shi ya zarce adadin wuraren da aka je nesa ba kusa ba.

Amsar da ta dace a nan ita ce amincewa da sake lissafi. Marubucin zai fitar da matsakaicin kowane fili, ya kwatanta lambobi 6 da lambobi 6, ko ya yi amfani da tsarin lissafin da ke sanin cewa murabba'ai goma na fili ɗaya 'yan gida ɗaya ne. A wasiƙar zai ce mai tantancewa ya yi gaskiya, an sake lissafin, ga sabon jadawali, ga abin da ya canza. Idan an tambayi yadda aka zaɓi gurbin kowane murabba'i, sai ya bayyana dalla-dalla: ko na'ura ce ta fitar da guraben bisa ƙuri'a kafin a fita, ko kuwa an ɗauki waɗanda ke kusa da hanya ne saboda sauƙi. Idan na biyun ne, dole ya faɗa, domin gefen hanya ya fi shan tattaki da kiwo.

Sake lissafin ne ke haifar da tambaya ta biyu. A ce filayen da ke ɓangare ɗaya sukan saɓa wa juna da kimanin tsiro 5 a ma'aunin warwatsuwa. Bambancin tsiro 4 yana nan, amma yanzu tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100 ta miƙe daga ƙarin tsiro 10 zuwa ragin tsiro 2. Ma'ana, ƙila shinge yana da amfani sosai, ƙila kuma bai canza komai ba. Mai tantancewa na biyu zai tambaya ko binciken yana da ƙarfin gano bambanci tun farko. Ƙarfi a nan shi ne yiwuwar bincike ya kama bambancin da ke nan da gaske, kuma abin da aka saba nema shi ne kashi 80 cikin 100. Da filaye 6 a kowane ɓangare, sai bambancin ya kai kusan tsiro 9 kafin a samu wannan ƙarfi. Wanda ke son kama bambancin tsiro 4 yana buƙatar filaye 26 a kowane ɓangare.

Wani lokaci mai tantancewa kan nemi a lissafa ƙarfin da bambancin da aka riga aka gani. A nan marubucin yana da hujjar ƙin yarda cikin ladabi. John Hoenig da Dennis Heisey sun nuna a 2001 cewa irin wannan lissafi maimaita sakamakon gwajin ne kawai da wata lamba, ba ya ƙara sani. Sai marubucin ya ba da abu biyu a madadinsa: tazarar amincewa, da mafi ƙanƙantar bambancin da tsarin binciken zai iya kamawa. Zai kuma faɗi dalilin da ya sa filayen suka tsaya a 6, misali cewa su kaɗai ne aka katange a yankin na shekarun da ake buƙata. Wannan dalili yana bayyana ƙarancin, amma ba ya ƙara wa lissafi ƙarfi ko kaɗan.

Abu na ƙarshe shi ne daidaita magana da hujja. Jimlar da ta ce shinge yana ƙara tsiro za ta koma cewa an ga ƙarin tsiro 4 a filaye masu shinge, amma filaye 12 ba su isa a yanke hukunci ba. Ba zai rubuta cewa shinge ba shi da amfani ba, domin tazarar ta kai har ƙarin tsiro 10. Gyaran zai shafi take da taƙaitawa da kammalawa, ba ƙarshen rahoto kaɗai ba, kuma wasiƙar za ta nuna kowane wuri. Ƙara murabba'ai a filayen da aka riga aka auna ba zai warware matsalar ba. Ƙarin filaye ne kawai zai yi, wannan kuwa aikin wata damina ne. Edita yana iya karɓar bincike mai ƙaramin samfuri idan ikirarinsa ya tsaya inda hujjarsa ta tsaya, amma da wuya ya karɓi wanda ya nace a kan ƙirga 120 alhali filaye 12 aka auna.