Wa aka sa a kwafi? Cc da Cci a imel ɗin Faransanci

Wanda ya taɓa riƙe takardar gwamnati daga Yamai ko Yawunde ko Injamena ya san wani abu da ke can ƙasanta ta gefen hagu, bayan sa hannu da hatimi. Akan rubuta *Ampliations*, sannan a jera ofisoshin da aka aika wa kwafi. Takardar ta mutum ɗaya ce, amma an bayyana masa ƙarara su wa da wa suka san da zancen. Ma'aikacin da ya tashi cikin wannan tsari yakan duba jerin nan tun kafin ya gama karanta saƙon, domin a nan yake gane nauyin maganar. Wannan ɗabi'a ba ta mutu da zuwan imel ba, ta dai koma cikin gurbin da ake kira *Cc*, kuma duk Bahaushen da ke harka da masu aiki da Faransanci yana bukatar ya san yadda suke karanta wannan gurbi.

Idan ka buɗe Gmail ko Outlook da aka saita da Faransanci, gurbi uku za ka tarar na masu karɓar saƙo. Na farko shi ne *À*, wato zuwa ga wane, kuma a nan ake sa wanda ake magana da shi kai tsaye, wanda ake jiran amsarsa. Na biyu *Cc*, ana furta shi "se-se", kuma Faransawa suna warware shi iri biyu: *copie carbone*, daga takardar kabon da ake cusawa tsakanin fallaye a zamanin tafireta, ko kuma *copie conforme*, kwafin da ya yi daidai da na asali. Na uku ne ke rikita wanda ya saba da Ingilishi, domin zai yi ta neman *Bcc* bai gani ba. A Faransanci sunansa *Cci*, "se-se-i", kuma harafin ƙarshen yana nufin *invisible*, abin da ba a gani. A baki kuwa an fi cewa *copie cachée*, ɓoyayyen kwafi.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ɗan kasuwa a Kano yana da kwantena a tashar jiragen ruwa ta Duwala, wadda za a ɗora a mota zuwa Injamena, inda abokin cinikinsa yake jira. Ɗansa ne ke rubuta masa imel. Akwai wakilin da ke fitar da kaya daga tashar, wanda a can ake kira *transitaire*, akwai akawun kamfanin, akwai kuma abokin cinikin na Cadi. Yaron yana son wakilin ya aiko da takardar kuɗin aikinsa. Ga yadda ya kamata kan saƙon ya kasance:

```
À : le transitaire
Cc : le comptable ; le client
Objet : Facture de transit
```

Wakilin kaɗai ne a *À*, saboda shi kaɗai aka nema ya yi wani abu. Gaisuwar ma tasa ce shi ɗaya, *Bonjour Monsieur*, ba a haɗa da waɗanda ke kwafi. Akawu da abokin ciniki shaidu ne, suna zaune a gefen tabarma suna saurare, ba a jiran su ce komai.

Inda ladabin Faransanci yake shigowa shi ne ba a son a zaunar da shaida a yi shiru. Akan faɗa a cikin saƙon cewa an sa wane, a kuma faɗi dalili. Kalmar aikin ita ce *mettre*, sakawa, sai a ce *mettre en copie*. Yaron zai rubuta: *Je mets notre comptable en copie pour le règlement*, ma'ana na sa akawunmu a kwafi saboda batun biyan kuɗi. Idan yana son salon ofis da ya fi wannan laushi, sai ya ce *notre comptable, qui nous lit en copie*, akawunmu da ke karanta mu a kwafi. Ina son wannan jimla ƙwarai, domin tana yi wa mutumin nan na gefe matsayi, kamar yadda mai gida zai nuna baƙo ya ce ga Malam wane yana tare da mu, kafin a ci gaba da magana. Idan kuma shi yaron ne yake son kada a bar shi a baya lokacin da wakilin zai rubuta wa kamfanin sufuri, sai ya ce *Merci de me mettre en copie*. Idan so yake kada a cire abokin cinikin daga amsoshin da za su biyo baya, sai *Merci de garder notre client en copie*.

Akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare ga masu koyo, kuma yana jawo ɓata lokaci. *En copie* mutum ake sa wa, ba takarda ba. Idan yaron ya maƙala hoton rasit a jikin saƙo ya rubuta cewa rasit ɗin yana *en copie*, wakilin zai iya ɗan tsayawa yana tunanin me ake nufi. Abin da aka maƙala sunansa *pièce jointe*, ana taƙaita shi *PJ*, kuma jimlarsa ita ce *Veuillez trouver ci-joint le reçu*. Haka nan *copie certifiée conforme* wani abu ne daban, shi ne kwafin takardar shaida da hukuma ta buga wa hatimi ta tabbatar ya dace da na asali.

To, a ce mako guda ya wuce wakilin bai amsa ba, kuɗin ajiya a tashar kuma yana ta hawa. Ran yaron ya ɓaci, ya sake rubutawa, wannan karon ya ƙara shugaban kamfanin wakilin a *Cc*. A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. A ofisoshin da aka gina a kan bin matakan shugabanci, inda har takardar neman hutu take bi ta hannun na gaba da kai da alamar *s/c*, wato *sous couvert de*, sa shugaban mutum a kwafi ƙara ce aka kai. Ko da kalmomin saƙon sun yi taushi kamar auduga, wakilin zai karanta shi a matsayin an tona masa asiri gaban maigidansa. Wani lokaci hakan ne ya dace, musamman idan dukiya tana salwanta. Amma a ganina sai an tuna wa mutum sau ɗaya shi kaɗai, an kuma kira shi a waya, sannan a ɗauki wannan mataki. Idan an ɗauka kuma, a faɗe shi a fili: *Je me permets de mettre votre directeur en copie, compte tenu de l'urgence*, na sa daraktanku a kwafi saboda gaggawar lamarin. Mutum ya fi jure abin da aka gaya masa ido da ido a kan wanda ya tsinta da kansa a saman saƙo.

Nan ne shaiɗan yakan raɗa wa mai rubutu cewa ai ga *Cci*, a sa shugaban a ɓoye, ya gani ba tare da wakilin ya sani ba. Dabarar tana da rami, kuma ramin yana cikin yadda na'urar take aiki. Wanda aka sa a *Cci* yana ganin duk adireshin da ke *À* da *Cc*, su ne dai ba sa ganinsa. Idan bai lura ba ya danna *Répondre à tous*, amsa ga kowa, maimakon *Répondre*, amsarsa za ta sauka wurin wakilin da akawun da abokin cinikin gaba ɗaya. Nan take kowa ya gane an ɓoye wani a bayan labule, kuma yardar da ta rage ta tafi. Idan lallai kana son wani ya ga saƙo a asirce, aika shi yadda yake, sannan ka danna *Transférer* ka tura masa daban da 'yar magana, *Pour information*. Ta haka babu maɓallin da zai danna ya bayyana a tsakiyar taron. Kai ma idan saƙo ya iso maka ka duba *À* da *Cc* ba ka ga adireshinka ba, to akwai alamar a ɓoye aka sa ka, sai ka kiyaye hannunka.

Ainihin aikin *Cci* na kirki ne, wato rufa wa mutane adireshinsu. A ce ɗan kasuwar nan zai sanar da abokan hulɗa 60 cewa ya canja lambar waya ko farashi. Idan ya zuba su duka a *Cc*, ya miƙa wa kowannensu jerin abokan cinikinsa kyauta, har da masu gasa da juna, kuma mutum ɗaya da ya amsa da *Bien reçu* ga kowa zai cika akwatin mutum 59. Abin da ya dace shi ne ya sa adireshin kansa a *À*, sauran duka a *Cci*. Wannan ya wuce batun ladabi. A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, dokar kare bayanan mutane da Faransawa ke kira RGPD, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, tana ɗaukar adireshin imel na mutum a matsayin bayanin da ba a yaɗawa sakaka, kuma Nijar ma tana da hukumar da ke kula da wannan fanni, HAPDP. A Outlook gurbin *Cci* sau da yawa a ɓoye yake sai an kunna shi daga *Options*, abin da ya sa wasu suke zaton babu shi.

Akwai wani amfani na biyu da nake ganin ya cancanci a koya. A ce wani dattijo ne ya haɗa yaron da wakilin tun farko, ta imel, yana mai cewa ga wane ga wane. Aikinsa ya ƙare, bai kamata a yi ta damunsa da saƙonni 20 na cinikin kwantena ba, amma cire shi shiru ma rashin kunya ne. Sai yaron ya mayar da adireshin dattijon zuwa *Cci* a amsarsa ta farko, ya rubuta a sama: *Merci pour la mise en relation, je vous passe en Cci pour ne pas encombrer votre boîte*. Wato na gode da haɗa mu, na mayar da ku ɓoyayyen kwafi don kada mu cika muku akwati. Dattijon ya ga godiyar, wakilin ya san an sallame shi da mutunci, kuma da yake amsar kowa ba ta kaiwa ga wanda ke *Cci*, saƙo na gaba ba zai same shi ba.