Daga sikeli zuwa ƙirgen ƙwayoyi: yadda ake lissafin mol

Babu sikelin da zai gaya maka atam nawa ne a cikin cokalin gishiri. Nauyi kaɗai yake nunawa. Amma idan sinadarai za su haɗu, ba ruwansu da nauyi, da ƙidaya suke aiki: atam biyu na haidirojin su kama atam ɗaya na oksijin, sai a samu molekul ɗaya na ruwa. Mai aikin sinadarai yana auna giram, alhali adadin ƙwayoyi yake buƙatar sani. Abin da ke haɗa masa waɗannan biyun shi ne mol, kuma a nan ne ɗalibai da yawa na babbar sakandare suke fara jin kemistiri ya fi ƙarfinsu.

Mol sunan adadi ne. Idan mai sayar da goro ya ce ƙwarya, goro ɗari yake nufi, manya ne ko ƙanana. Sai dai ƙwaryar manyan goro ta fi ta ƙanana nauyi, ko da yake ƙirgen ɗaya ne. Haka mol yake: mol ɗaya na kowane abu ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne, wato 602 da sifiri 21 a bayansa, amma nauyin mol ɗin ya danganta da irin abin. Ana kiran adadin lambar Avogadro, don tunawa da Amedeo Avogadro, masani ɗan Italiya da ya rasu a 1856. Ba shi ya auna ta ba, daga baya aka laƙaba mata sunansa. Tun daga 20 ga Mayu 2019 kuma an tsayar da ita a kan 6.02214076 × 10²³ daidai, ko da yake 6.02 × 10²³ ta wadatar a aji da ɗakin jarrabawa.

Me ya sa wannan lambar, ba wata mai sauƙin riƙewa ba? An zaɓe ta ne domin lambar nauyin da ke jikin kowane sinadari a jadawalin sinadarai ta zama giram kai tsaye. Kabon yana da 12, saboda haka mol ɗaya na atam ɗin kabon giram 12 ne. Oksijin 16 ne, naitirojin 14, haidirojin 1. Idan atam da yawa ne suka haɗu suka yi molekul, sai a tara nauyinsu. Ruwa, H₂O, yana da haidirojin biyu da oksijin ɗaya: 2 + 16 = 18. Ke nan mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, abin da bai wuce kurɓi ɗaya ba.

Ƙa'idar da nake so kowane mai koyo ya riƙe ita ce, ba a tsallakawa daga giram zuwa adadin ƙwayoyi kai tsaye. Dole a biya ta mol, a tafiya da dawowa. Tsakanin giram da mol, nauyin mol ɗaya ne ke aiki. Tsakanin mol da ƙwayoyi, lambar Avogadro ce.

```
mol = giram ÷ nauyin mol ɗaya
ƙwayoyi = mol × 6.02 × 10²³
```

Bari mu gwada da takin yuriya da manoma ke zuba wa masara da shinkafa. Ana rubuta shi CO(NH₂)₂. Wannan 2 da ke bayan baka yana ninka duk abin da ke cikin bakar, don haka akwai kabon ɗaya, oksijin ɗaya, naitirojin biyu, haidirojin huɗu. Nauyin ya zama 12 + 16 + 28 + 4 = 60. Wanda ya manta da 2 ɗin zai samu 44, kuma duk abin da ya ɗora a kai ya lalace, komai kyan lissafinsa daga baya.

A ce an ɗebo giram 30 na takin. Tunda mol ɗaya giram 60 ne, kafin ma a taɓa biro an san amsar ba ta kai mol ɗaya ba. 30 ÷ 60 = 0.5, rabin mol. Sai a ninka: 0.5 × 6.02 × 10²³ = 3.01 × 10²³. Wannan shi ne adadin molekul na yuriya. To idan atam ɗin naitirojin aka tambaya fa? Kowane molekul yana ɗauke da biyu, sai a ninka sau biyu, a samu 6.02 × 10²³. Idan duka atam ɗin da ke ciki ake so, takwas ne a kowane molekul, amsar ta zama kusan 2.41 × 10²⁴. Giram 30 ɗin bai canza ba, amma ga amsoshi uku, kowace daidai take ga tambayarta. Shi ya sa a ganina malami bai kamata ya karɓi "mol 0.5" hakanan ba. Ya tambayi ɗalibin: mol 0.5 na mene ne?

Yanzu mu ɗauki buhu guda mai kilo 50. Da farko a mai da shi giram, 50,000, domin nauyin mol da giram ake faɗarsa. Raba shi da 60 ya ba da kusan mol 833 na yuriya, wato kusan mol 1,667 na atam ɗin naitirojin. Daga mol zuwa giram kuma ninkawa ake yi: 1,667 × 14 ya kai kusan giram 23,300. Ke nan a buhun kilo 50, kilo 23 da ɗan kai ne naitirojin ɗin da shuka ke buƙata. Wannan ne asalin 46% da ake bugawa a jikin buhun. Lissafin tsantsar yuriya yana ba da 46.7%, na kasuwa kuwa ba ya rasa ɗan damshi da ɗan wani abu a ciki.

Dawowa ba ta da wuya. Idan an ba ka molekul 1.204 × 10²⁴ na ruwa, raba da 6.02 × 10²³, ka samu mol 2, ka ninka da 18, giram 36 ke nan. Sai dai a nan kalkuleta ke yaudarar mutane. Wanda ya danna `÷ 6.02 × 10^23` ba tare da baka ba, na'urar za ta raba da 6.02, sannan ta ninka da 10²³, ta nuna masa 2 × 10⁴⁶. Maganinsa shi ne a sa lambar Avogadro duka cikin baka, ko a yi amfani da maɓallin `EXP` ko `×10ˣ`.

Ana iya gane kuskure daga girman amsa. Abin da ake aunawa a ɗakin gwaji na makaranta, mol ɗinsa ƙaramar lamba ce, kamar 0.1 ko 2 ko 10. Adadin ƙwayoyinsa kuwa yana zagaye da 10²¹ zuwa 10²⁵. Idan adadin ƙwayoyi ya fito ƙasa da ɗaya, irin su 10⁻²⁴, to an raba a inda ya kamata a ninka, domin babu guntun molekul.

Akwai wani tarko da ba ya nunawa a girman amsa, shi ne na iskar gas irin su oksijin. A jadawali oksijin 16 ne, amma wanda muke shaƙa bibbiyu yake tafiya, O₂, saboda haka mol ɗayansa giram 32 ne. Giram 16 na iskar oksijin rabin mol ne na molekul, ko da yake cikakken mol ne na atam. Haka haidirojin da naitirojin da kulorin suke. Gishiri kuma, NaCl, ba shi da molekul ko kaɗan: a giram 58.5 akwai mol ɗaya na ayon ɗin sodiyam da mol ɗaya na ayon ɗin kuloraid, jimla ayon 1.204 × 10²⁴.