Kafin a Kira Injin Haƙa: Yadda Ake Rarraba Babban Aiki Gunduwa-Gunduwa

A ce kwamitin unguwa ya tara kuɗi don gina rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. An yi taro, an rubuta abu huɗu a takarda: haƙa, famfo, tanki, sola. Kowa ya tashi yana ganin an gama magana. Bayan wata biyu rijiya ta ba da ruwa, tanki yana bisa hasumiya, farantan sola suna shan rana, amma babu ɗigon ruwa a bakin famfo. Mai haƙa ya ce aikinsa ya tsaya a bakin rijiya, mai walda ya ce shi hasumiya aka ba shi. Bututun da zai ɗauki ruwa daga rijiya zuwa tanki babu wanda aka ɗora wa, babu kuma kuɗinsa a lissafi.

Don maganin irin wannan ne masana sarrafa ayyuka ke zana abin da suke taƙaita sunansa da haruffan WBS, wato tsarin rarraba aiki. Asalinsa daga sojan Amurka ne. Ya taso tare da dabarun da rundunar ruwan ƙasar ta ɓullo da su a ƙarshen shekarun 1950 wajen ƙera makamin Polaris, kuma a 1968 ma'aikatar tsaronsu ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba MIL-STD-881. Siffarsa kamar bishiya ce da aka kifa. A sama akwai abin da ake son samu, a ƙasansa manyan sassa, kowane sashe kuma ya rabu zuwa ƙanana har a kai gunduwar da za a iya miƙa wa mutum guda.

Da kwamitinmu ya bi wannan hanya, abin da zai rubuta a sama shi ne “ruwan sha yana zuba a kawunan famfo shida”, domin rami a ƙasa ba shi jama'a ke nema ba. A ƙarƙashinsa sai sassa shida: rijiya, famfo da wutarsa, hasumiya da tanki, bututu da wurin ɗiban ruwa, shinge, sannan gudanar da aikin. A lura cewa sunayen abubuwa ne da ido zai gani idan an gama. Maganar wane zai riga wane, da ranar farawa, wannan na jadawalin lokaci ne, kuma sai an gama rarrabawa ake zuwa kansa.

Akwai doka guda da ke riƙe da bishiyar, ana ce mata dokar ɗari bisa ɗari. Idan aka haɗa rassan da ke ƙarƙashin wani sashe, dole su ba da wannan sashen cif, ba ragi ba ƙari. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a bi ruwan da yatsa tun daga ƙasan rijiya har bokitin mai ɗiba, duk inda yatsa ya taɓa abin da ba ya cikin takarda, an sami giɓi. Da haka bututun nan da aka manta zai fito, tare da wayar da ke tsakanin faranti da famfo, da magudanar da za ta hana wurin zama kwata. Dokar tana kama maimaici ma. Idan daɓen kankare na bakin rijiya ya fito a lissafin mai haƙa, ya sake fitowa a na birkila, ko dai a biya sau biyu, ko kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Sashen gudanarwa kuwa shi aka fi mantawa, alhali neman izini, da takardar mallakar filin, da kai ruwa ɗakin gwaji duk suna cin kuɗi da kwanaki.

Inda wuyar take shi ne sanin wurin tsayawa. Ɗauki hasumiya. Idan tankuna biyu ne masu lita 5,000 kowanne, ruwan kaɗai tan goma ne, domin lita ɗaya kilo ɗaya take. Abin da zai ɗauki wannan nauyi bai kamata a bar shi layi guda mai suna “hasumiya” ba. Idan aka bar shi haka, ma'aji zai tambayi inda aka kwana, a ce masa an kai kashi tamanin cikin ɗari, mako uku kuma ana nan a tamanin ɗin, babu yadda zai gane gaskiya. Amma idan aka raba ta huɗu, harsashin kankare, ƙirar ƙarfe, fenti, ɗora tanki, kowace gunduwa amsarta ɗaya ce daga biyu: an gama ko ba a gama ba. Rabuwar kuma za ta tono abin da ke ɓoye, cewa birkila da mai walda mutum biyu ne, kuma kankare yana bukatar kwanaki kafin a ɗora masa kaya, tunda a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa.

Sai dai akwai masu wuce gona da iri. Na taɓa ganin takardar da aka jera sayen rodi, ɗauko rodi, yanka rodi, lanƙwasa rodi, kowanne da lambarsa. Wannan koya wa birkila sana'arsa ne, kuma wanda zai bi layi ɗari biyu yana sa alama kullum ba zai sami lokacin zuwa wurin aikin ba. Cikin mako biyu za a daina duba takardar.

Ma'aunin da na fi yarda da shi tambaya uku ce. Akwai mutum ɗaya da za a kira da suna idan gunduwar ta lalace? Zai iya faɗin kuɗinta da kwanakinta ba da kame-kame ba? Idan ya ce ya gama, akwai abin da za a duba a tabbatar? Idan duka ukun “i” ne, a tsaya nan. Masana suna ƙara wani awo na kusa-kusa, cewa gunduwa kada ta gaza aikin awa 8, kada ta wuce awa 80, wato daga yini ɗaya zuwa kamar mako biyu. Jagora ne kawai. Fentin hasumiya yana iya ƙarewa kafin la'asar, duk da haka ya cancanci layinsa, domin idan ba a rubuta shi ba tsatsa ce za ta tuna wa mutane.

Ba dole rassan su zo tsawo ɗaya ba, ko da yake masu son takarda ta yi kyau suna ƙoƙarin daidaita su. Shinge layi ɗaya ya ishe shi, aiki ne sananne a hannun mutum guda. Rijiya kuwa, inda kuɗi da haɗari suka taru, tana bukatar zurfi: binciken ƙasa, haƙa, saka bututun da ke riƙe bangon rami, zuba tsakuwa a kewayensa, wanke rijiyar, da gwajin yawan ruwa. A nan ne ake iya yi wa kwamiti rufa-rufa, tunda komai a ƙarƙashin ƙasa yake. Idan kowane mataki yana da layinsa, ana iya ɗaura biyan kuɗi a kansa, a kuma tura wakili ya ƙirga bututun kafin su shige rami.

Wani reshen ma bai kamata a farfasa shi da wuri ba. Girman famfo da yawan farantan sola sun dogara ne a kan zurfin da aka sami ruwa da kuma yawan litar da rijiyar ke bayarwa a awa, kuma ba za a san waɗannan ba sai bayan gwaji. Wanda ya sayi famfo tun kafin haƙa yana iya ƙarewa da wanda ya fi ƙarfin rijiyar, ya riƙa zuƙe ta har ya yi aiki a bushe ya ƙone. Don haka a ranar farko kwamiti zai rubuta “famfo da wutarsa” layi guda, ya ware masa kuɗi bisa kiyasi, ya rubuta a gefe cewa za a rarraba shi ranar da sakamakon gwajin ya iso hannun sakatare.