Ruwan Ɗumi da Ciwon Basir: Yadda Zama a Baho Ke Kwantar da Zugi

Da wuya a shiga tasha ko kasuwa a Arewa ba a ji lasifikar mai maganin basir ba. Ciwon baya, kasala, kumburin ciki, raunin mazakuta, duk a kan basir ake ɗora su. Amma wanda basir na gaskiya ya taso masa ba ya buƙatar a faɗa masa. Zama ya gagare shi sai a karkace, shiga bayi ya zama abin fargaba, in ya fito kuma zugi ya bi shi har tsawon sa'o'i. A irin wannan hali, ɗaya daga cikin abubuwan da likitoci kan fara ba da shawara a kai ba ya cin ko sisi: mutum ya zauna cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15. Dabarar tana da sauƙi, sai dai mutane da yawa suna yin ta ta hanyar da ke ƙara musu ciwo.

Kafin a gane amfanin ruwan, sai an gane inda zugin ke fitowa. Kowane ɗan Adam yana da wasu matasai na nama masu cike da jijiyoyin jini a cikin dubura, waɗanda ke taimakawa wajen rufe ƙofar sosai. Yawan yunƙuri, taurin bayan gida, daɗewa a masai ko nauyin juna biyu su ne ke sa su kumbura ko su zazzago. Wannan shi ne basir. Na can ciki ba ya cika yin ciwo, domin wurin ba shi da jijiyoyin jin zafi irin na fata. Yawanci jini ne jajawur ke tona shi. Na bakin dubura kuwa yana ƙarƙashin fata mai saurin jin ciwo, kuma idan jini ya daskare a cikinsa sai ya zama ƙullutu mai tauri, ko iska ta taɓa shi sai an ji.

Akwai kuma wata tsoka da ta kewaye duburar daga ciki kamar zariyar wando. Ba mutum ke sarrafa ta ba. Ita ke riƙe ƙofar a rufe ko ana barci. Da zarar wurin ya ji ciwo sai ta ƙara tsukewa. Tsukewar ta matse naman da ya kumbura, ta hana jinin da ya taru komawa yadda ya kamata, ciwon ya ƙaru, ita kuma ta sake tsukewa. Shi ya sa zugin ba ya tsayawa da an gama bayan gida, kuma shi ya sa na gaba ke fin na baya wahala.

A nan ruwan ɗumi ke shigowa. A shekarar 1986 wasu likitoci a Italiya sun auna ƙarfin matsewar wannan tsoka bayan an zaunar da mutane cikin ruwa mai sanyi da mai ɗumi, suka ga matsewar ta ragu a ruwa mai digiri 40, alhali ruwan sanyi bai kawo wannan sauyi ba. A 1993 Farfesa Ahmed Shafik, likitan fiɗa na Jami'ar Alƙahira, ya wallafa binciken da ya nuna cewa ɗumin da fatar wurin ta ji shi ke aika saƙo ta jijiya, tsokar ciki ta saki, kuma sakin yakan ci gaba na ɗan lokaci bayan an fito daga ruwan. Idan tsokar ta saki, matsin ya ragu, jini ya samu hanya, zugin ya lafa. Ruwan kuma yana wanke ɗan abin da ke maƙalewa tsakanin kumburin, wanda shi ne ke kawo ƙaiƙayi, ba tare da an goga ba.

Duk abin da ke aiki a nan ɗumi ne. Ƙuna ba ta ƙara komai, haka ma abin da ake zubawa a ruwan.

A ɗauki misalin tela da ke wuni a kan keke kwanakin gab da Sallah, abincinsa burodi da shayi da taliya, ruwa kuma sai ƙishi ya matsa. Bayan kwana uku bai zaga ba, ya yi yunƙuri mai tsanani da safe, zuwa azahar ya ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a bakin dubura, yana zugi. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya samu bahon roba mai faɗin da mazaunansa za su shiga gaba ɗaya, ya wanke shi tas da sabulu, ya ɗauraye. Ya fara zuba ruwan sanyi mai tsabta, sannan ya sirka da tafasasshe. Moɗa ɗaya ta tafasasshen ruwa ga moɗa huɗu zuwa biyar na ruwan sanyi kan kai shi kusa da inda ake so, wato digiri 37 zuwa 40, ɗumin jiki ko sama da shi kaɗan. Lissafin yana sauyawa da yanayi, domin ruwan randa na lokacin hunturu da ruwan jarkar da ta wuni a rana ba ɗaya ba ne. Don haka sai ya motsa ruwan, ya tsoma gwiwar hannunsa ya bar ta a ciki na ɗan lokaci. Idan ya ji yana son janyewa, ruwan ya yi zafi. Tafin hannu ba ma'auni ba ne, musamman ga mai aikin hannu, domin yana jure abin da fatar dubura ba za ta jure ba.

Zurfin ruwan ba sai ya yi yawa ba. Santimita 8 zuwa 10, kusan faɗin tafin hannu, ya isa ya rufe wurin. Ya zauna a ciki sosai, ƙafafuwa a waje, ya ɗan jingina baya ya saki jiki. Tsuguno a saman baho kuskure ne da ake yawan yi, domin tsugunon da kansa yana turo jini ƙasa, ya ƙara kumburin. Idan gindin bahon yana danne ƙullutun, sai ya ninke tsabtataccen tawul ya shimfiɗa a ciki. Wanda gwiwa ko baya ba za su bar shi ya sauka ƙasa ba, akwai ƙaramin baho da ake ɗorawa a bakin masan zama, ana samunsa a wasu manyan kantunan magani.

Ruwa kan huce kafin lokaci ya cika. Yana da kyau a ajiye fulas a kusa, amma a tashi tukuna kafin a ƙara, a motsa, a sake gwadawa. Da minti 15 sun cika sai ya fito. Wuce minti 20 ba ya ƙara sauƙi. Fatar ce kawai za ta jiƙe ta yi laushi har ta fara saɓulewa. Ya miƙe a hankali yana dafa bango, domin ɗumi na buɗe jijiyoyin jini kuma wasu kan ji jiri. Sannan ya tsane wurin da ƙyalle mai laushi, dannawa kaɗan-kaɗan ba gugawa ba, ya tabbatar ya bushe kafin ya sa wando, domin danshi ne ke dawo da ƙaiƙayi. Zai maimaita haka sau biyu ko uku a rana, kuma zaman da ya fi amfani shi ne wanda ke biyo bayan bayan gida kai tsaye, bayan an yi tsarki, lokacin da tsokar ta fi tsukewa. Irin ƙullutun telan yakan fi zugi a kwana biyu zuwa uku na farko, sannan ya fara lafawa, ya motse a hankali cikin makonni. Idan zugin ya fi ƙarfin haƙuri, zuwa asibiti cikin sa'o'i 72 na farko yana da fa'ida, domin a wannan tsakanin ne likita ya fi iya kashe wurin da allura ya cire gudan jinin.

Zama cikin ruwa ba baƙon abu ba ne a gidajen Hausawa. Masu jego sun daɗe suna yi, sau da yawa da ruwan bagaruwa, kuma basir na yawan tasowa a ƙarshen ciki da bayan haihuwa. Matsalar ita ce ma'aunin wankan jego, inda ake ganin ruwa bai yi ba sai yana tururi. A kumburarren wuri mai siririyar fata, irin wannan zafi ƙuna yake haifarwa, kuma ƙuna a wurin da bayan gida ke bi tana wahalar warkewa. Haka nan tsuguno a kan tururin tukunya ko garwashi. Masu ciwon suga da tsofaffi sun fi kowa shiga hatsari, domin jin zafi a fatarsu kan ragu; su dai gara wani ya gwada musu ruwan. Zuba Dettol, sabulu, omo ko turare kuwa yana cin fatar ya ƙara raɗaɗi. Gishiri ma ba dole ba ne. Idan an yi wa mutum aiki ko ɗinki kuma likita ya ce a sa wani abu, sai a bi adadin da ya faɗa. Baho kuma kada a yi tarayya da wani, ruwa sabo kowane zama.

Dole kuma a san iyakar dabarar. Masu nazarin da suka tattara binciken da aka yi a kai ba su samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa zaman yana gaggauta warkewa ko yana mayar da tsiro ba. Sauƙi yake bayarwa, jiki ya yi sauran aikin. Idan telan ya koma kan burodi da shayi, bayan gida mai tauri zai rusa abin da ruwan ya gyara. Yana buƙatar wake, zogale, kuɓewa, alayyafo da gwanda, ya yawaita shan ruwa, ya riƙa tashi daga kan keke yana miƙe ƙafa, ya daina daɗewa a bayi da waya a hannu. Farasitamol na iya rage ciwon, amma tiramol da kodin suna ɗaure ciki, su ƙara dagula lamarin.

Akwai alamomin da ke nuna baho ba zai wadatar ba. Zazzaɓi tare da kumburi mai bugawa ko fitar mugunya alama ce ta maruru a wurin, wanda sai an farke shi a asibiti. Tsiron da ya fito ya ƙi komawa kuma yana yin duhu yana buƙatar likita a ranar. Haka ma jini mai yawa, ko baƙin bayan gida, ko jinin da ke gauraye a cikinsa, ko rama ba dalili, ko sauyin yadda ake zagawa na tsawon makonni, musamman ga wanda ya haura shekara 40, domin sankarar hanji kan ɓuya a bayan sunan basir. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ya yi mako guda yana zama a ruwan ɗumi yadda ya dace bai ga sauƙi ba, ya kamata ya je a duba shi. Dubawar takan ɗauki mintuna kaɗan, kuma ita ce ke bambance basir da tsagewar bakin dubura da sauran cututtukan da ke kama da shi.