Suna Ɗaya, Doka Ɗaya: Saƙon da Masu Rubuta Manhaja Ke Bukata Tun Ranar Farko

Duk manhajar da ke riƙe lissafi, ta banki ce ko ta makaranta ko ta kantin magani, akwai rumbun bayanai a bayanta. A cikin rumbun an shirya komai a tebur-tebur. Tebur ɗaya na masu saye, wani na kaya, wani na kuɗin da aka biya. Kowane tebur yana da ginshiƙai, wato layukan da ke saukowa daga sama, kamar na suna da na lambar waya. Sannan akwai fihirisa, wadda ke taimaka wa na'ura ta gano bayani da sauri ba tare da ta karanta tebur daga farko har ƙarshe ba. Kowanne daga cikin ukun nan sai an raɗa masa suna, kuma mutum ne ke raɗawa.

A nan matsalar take. Mu ɗauki misalin mutum huɗu da ke gina manhajar kantin magani mai rassa da yawa. Na farko ya kira teburin masu saye `Customers`. Na biyu ya kira na ciniki `tbl_sale`. Na uku ya zo da `saleItems`. Lambar mai saye kuwa, a wannan tebur `cust_id` ce, a wancan `customerID`, a na gaba `CustNo`. Abu ɗaya, suna uku. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, kowa ya bi abin da ya saba ne. Amma bayan shekara guda, duk wanda zai haɗa rahoton cinikin wata sai ya buɗe tebur bayan tebur yana duba yadda aka rubuta kowane suna, domin ba ya iya cankawa. Shi ya sa wani daga cikinsu, galibi shugaban aikin, kan zauna ya rubuta wa abokan aikinsa saƙo yana neman a tsayar da doka ɗaya.

A ganina, irin wannan saƙo yana karɓuwa ne idan an ɗora kowace doka a kan abin da na'ura ke yi, ba a kan abin da ya yi wa marubucin kyau ba. Idan ka ce wa abokin aiki salonka ya fi nasa tsari, gardama za ku yi. Idan ka nuna masa kuskuren da salonsa zai jawo, da wuya ya musa.

Batun manyan baƙaƙe da ƙanana shi ne misali mafi bayyana. PostgreSQL, ɗaya daga cikin rumbunan da aka fi amfani da su, yana mayar da duk sunan da ba a saka cikin alamar zance ba zuwa ƙananan baƙaƙe. Oracle kuma zuwa manya yake mayarwa. To idan wani ya ƙirƙiri tebur a PostgreSQL da alamar zance, ga abin da ke biyo baya:

```sql
CREATE TABLE "Customers" (id integer);
SELECT * FROM Customers;
-- ERROR: relation "customers" does not exist
```

Teburin yana nan daram, amma na'ura ta ce babu shi, saboda ta nemi `customers` alhali abin da aka ajiye `Customers` ne. Daga ranar, duk wanda zai taɓa teburin nan dole ya riƙa tuna alamar zance. MySQL yana da nasa tarkon. A kan Windows ba ya bambance babban baƙi da ƙarami a sunan tebur, amma a kan Linux, in ba a canza saitinsa ba, yana bambancewa. Sai mutum ya gwada aikinsa a kwamfutarsa mai Windows komai ya tafi daidai, a ɗora shi a kan saba mai Linux ya tsaya cik. Maganin duka biyun ɗaya ne: ƙananan baƙaƙe zalla, a raba kalmomi da ɗan layin ƙasa, kamar `sale_items`. Sunan da aka rubuta haka yana aiki a ko'ina.

Akwai kuma kalmomin da harshen SQL ya riga ya keɓe wa kansa, irin su `order` da `user`. Ta biyun tana da haɗari na musamman a PostgreSQL, domin idan ka rubuta `SELECT * FROM user` ba zai ce ka yi kuskure ba. Zai ba ka sunan wanda ya shiga rumbun a lokacin, ba abin da ke cikin teburinka ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu ke sa sunan tebur a jam'i, `orders` da `users`. Tsarin Ruby on Rails jam'i yake amfani da shi, Django kuwa tilo yake sawa, tare da sunan sashen manhajar a gaba. Dukansu suna aiki lafiya. Wannan ita ce muhawarar da ta fi cin lokaci kuma ta fi ƙarancin amfani. A zaɓi ɗaya kawai a wuce, kuma in tsarin da ake aiki da shi ya riga ya zaɓa, a bi shi.

Inda ya kamata a daɗe shi ne ginshiƙai, domin a nan kuɗi ke ɓata. Ginshiƙi mai suna `amount` bai faɗi komai ba. Naira ce ko kwabo? Masu manhaja da yawa suna ajiye kuɗi a kwabo don guje wa matsalar lissafin ɗigo, wato naira 2,500 sai ta zama 250000 a cikin tebur. Wanda bai sani ba, idan ya ɗauko adadin ya sa a rahoto, ya ninka cinikin sau ɗari. Da sunan ya kasance `amount_kobo`, da tambayar ba ta taso ba. Haka batun lokaci. Najeriya da Nijar suna gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya. Cinikin da aka yi da ƙarfe 12:30 na dare ranar 1 ga wata, idan a UTC aka ajiye shi, zai bayyana a matsayin 11:30 na daren ranar ƙarshe ta watan da ya wuce. Saboda haka doka ta fayyace: sunan da ya ƙare da `_at` lokaci ne cikakke a UTC, wanda ya ƙare da `_on` kwanan wata ne kawai. Ginshiƙin da amsarsa i ko a'a ce ya fara da `is_` ko `has_`. Wanda ke nuni zuwa wani tebur ya ɗauki sunan abin da yake nunawa, `customer_id`, a kowane tebur ba tare da canji ba.

Fihirisa ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, don ba a kiran sunanta a aikin yau da kullum. Ana ganin sunan ne ranar da abu ya lalace. A ce tsakar dare biyan kuɗi ya ƙi shiga, na'ura ta rubuto cewa an karya sharaɗin `idx2`. Mai gadin aikin sai ya fara bincike. Idan kuwa abin da ta rubuto `payments_reference_key` ne, nan take ya san an yi ƙoƙarin shigar da lambar shaidar biya ɗaya sau biyu. PostgreSQL ma, in ba a ba shi suna ba, yana raɗa nasa da tsari mai kyau: sunan tebur, galibi da sunan ginshiƙi, sai ƙarshe mai faɗin nau'i, wato `_pkey` ko `_key` ko `_fkey` ko `_idx` ko `_check`. Ƙungiyar da ke aiki da shi ba ta da dalilin ƙirƙiro wani sabo.

Sai dai tsarin yana da iyaka, kuma saƙo nagari ba ya ɓoye ta. PostgreSQL ba ya riƙe suna fiye da bayit 63, MySQL harafi 64, tsofaffin Oracle kafin 12.2 kuwa bayit 30 kacal. Dubi wannan suna:

```
prescription_items_medication_batch_id_dispensed_at_branch_id_idx
```

Harafi 65 ne. PostgreSQL ba zai ƙi shi ba. Zai yanke biyun ƙarshe, ya ba da 'yar sanarwar da yawanci ba wanda ke karantawa. Ranar da aka zo da wata fihirisar da haruffanta 63 na farko suka yi daidai da na wannan, sai ya ce sunan ya riga ya wanzu. Don haka doka ta tanadi mafita: idan suna zai yi tsawo, a raɗa wa fihirisar sunan aikinta, kamar `prescription_items_dispensing_idx`. Ga wanda ke son sa sunaye da Hausa, babu abin da ya hana, amma ya sani cewa ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci, kuma ba kowane allon rubutu ke da su ba. Wani zai rubuta `kuɗi`, wani `kudi`, na'ura ta ɗauke su abu biyu. A tsaya ga baƙaƙen da kowa ke iya bugawa, kuma kada a gauraya harsuna biyu a rumbu ɗaya.

Idan aka tattara, saƙon kansa bai kamata ya wuce shafi ɗaya ba. Ana iya cewa: "Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Yanzu lambar mai saye tana da suna uku a rumbunmu. Ina ba da shawarar daga ranar Litinin duk sabon tebur ya zo da ƙananan baƙaƙe, a jam'i. Kuɗi ya faɗi ma'auninsa, lokaci ya ƙare da `_at`, fihirisa ta bi tsarin tebur, ginshiƙi, nau'i. Na haɗa da misalai. Mai gyara ya kawo kafin Juma'a. Tsofaffin sunaye ba za mu taɓa su yanzu ba."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ta fi nauyi. Da zarar an amince da doka, sai wani mai himma ya so ya gyara tsofaffin sunaye duka a dare ɗaya. Canza sunan tebur a PostgreSQL abu ne mai sauri, umarni ɗaya ne, kuma bayanan ba sa motsi. Amma duk rahoto, da duk manhajar waya da ke hannun mutane, da duk ɗan aikin da ke tashi da kansa cikin dare, suna ci gaba da kiran tsohon suna, kuma duka za su faɗi lokaci guda. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗauki tebur ɗaya, a canza sunansa, a bar abin da ake kira `VIEW` da tsohon sunan yana nuni zuwa sabon, har sai an tabbatar babu mai kiransa, sannan a cire. Wasu tsofaffin sunayen ma gara a bar su har abada, in wahalar canza su ta fi amfaninsa.

Abu na ƙarshe, dokar da ta tsaya a cikin saƙo kawai ba ta daɗewa. A ajiye ta a fayil tare da rubutun manhajar, inda sabon ma'aikaci zai gan ta ranar da ya fara aiki, kuma mai duba aikin ɗan'uwansa ya mayar da duk sabon tebur da ya saɓa mata kafin a shigar da shi. Kai da ke shugabantar ƙungiya, ko da ta mutum biyu ce, rubuta naku tun teburanku ba su kai goma ba.