Jadawalin ƙwarewar ma'aikata

Jadawalin ƙwarewar ma'aikata wani teburi ne da hukumomi da kamfanoni ke shiryawa domin su ga ayyukan da ake buƙata a wurin aiki, da mutanen da ke iya yin su, a shafi ɗaya. Ana jera ayyukan daga sama zuwa ƙasa, a jera ma'aikatan daga hagu zuwa dama, sannan a rubuta maki a mahaɗar kowane aiki da kowane ma'aikaci. Tushen jadawalin shi ne takardar bayanin aiki, wato takardar da ke fayyace nauyin da ke kan mai riƙe da muƙami, da shaidar karatun da ake nema gare shi, da wanda yake karɓar umarni a wurinsa. Ana amfani da jadawalin wajen tsara ɗaukar ma'aikata, da tura su horo, da sauya musu wurin aiki. Fannin lafiya a matakin farko, kamar yadda yake a Ƙaramar Hukumar Kafin Hausa ta Jihar Jigawa, yana cikin wuraren da aka fi ganin amfaninsa, domin a can ba kowane aiki doka ta yarda kowa ya yi ba.

## Abubuwan da ake cirowa daga takardar bayanin aiki

Abu na farko shi ne ayyuka. Takardun bayanin aiki sukan zo da dogayen jimloli masu ɗauke da ayyuka da dama, don haka ake rarraba su har kowane layi ya zama aiki ɗaya da za a iya gani ana yin sa. Idan takarda ta ce ma'aikaciya za ta kula da lafiyar mata masu juna biyu, wannan ba layi ɗaya ba ne. A cikinsa akwai awon ciki, akwai karɓar haihuwa, akwai gane alamun haɗari da tura mace babban asibiti, kuma mutum na iya ƙwarewa a ɗaya bai ƙware a ɗayan ba. Ana kuma haɗe ayyukan da suka zo da suna daban a takardu daban. Jimlar da ake rufe yawancin takardu da ita, wadda ke cewa ma'aikaci zai yi duk wani aiki da shugabansa ya ba shi, ba ta shiga jadawali, saboda ba ta nuna wata ƙwarewa.

Abu na biyu shi ne shaidar karatu da lasisi. A Najeriya, ungozoma da nas suna aiki ne da rajistar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa. Ma'aikatan lafiyar al'umma kuwa suna da tasu hukumar rajista, wadda aka kafa da doka a shekarar 1992. Daga cikinsu akwai wanda ake kira CHEW, mai difloma ta shekara uku, da wanda ake kira JCHEW, mai satifiket na shekara biyu, sai babban jami'in lafiyar al'umma da ke sama da su. Ana rubuta shaidar kowa da ranar ƙarewar lasisinsa a wani shafi na daban, domin shaida tana nuna abin da aka halatta wa mutum ne, ba abin da hannunsa ya saba da shi ba.

Abu na uku shi ne layin shugabanci. A kowane muƙami ana rubuta wanda ke ba da umarni, da wanda ke duba ingancin aikin, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Mai yin allurar rigakafi a asibitin mazaɓa yana ƙarƙashin incaji na asibitin, amma jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ne ke duba aikinsa na rigakafin. Idan jadawali bai nuna wannan ba, ba za a san wa ya kamata ya ba ma'aikacin maki a wannan layi ba.

## Yadda abin yake a Jigawa

A da, ma'aikatan ƙananan asibitoci a yawancin jihohin Najeriya suna da iyayen gida da yawa: ƙaramar hukuma na biyan albashi, wata hukumar na kula da ƙarin girma, ma'aikatar lafiya kuma na duba aiki. A shekarar 2007 Jihar Jigawa ta kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manyan asibitoci a ƙarƙashin hukuma ɗaya mai majalisu tara, kuma Kafin Hausa da Haɗejiya suna cikin cibiyoyin waɗannan majalisu. Daga baya kula da ƙananan asibitoci ya koma hannun Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jihar. Duk takardar bayanin aiki da aka rubuta kafin irin wannan sauyi za ta ambaci shugaban da muƙaminsa ya riga ya canza, shi ya sa ake duba ranar da aka rubuta takarda kafin a kwafi layin shugabancin da ke cikinta.

Haka ma ayyukan kansu suna sauyawa. A shekarar 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta ba CHEW damar yin wasu ayyuka bayan samun horo, ciki har da karɓar haihuwa marar matsala da sanya ashanar tazarar haihuwa a hannu. Ma'aikata biyu masu shaida iri ɗaya na iya bambanta a nan, idan ɗaya ta halarci horon ɗaya kuma ba ta halarta ba.

## Ba da maki

Mafi sauƙin ma'auni shi ne mai hawa huɗu. Sifiri na nufin mutum ba ya yin aikin, ko dai bai iya ba ko ba a halatta masa ba. Maki 1 na nufin yana yi idan wani na tsaye a kansa. Maki 2 na nufin yana yi shi kaɗai, maki 3 kuma yana yi har yana koya wa wasu. Ba a dogara da faɗin ma'aikaci kawai. Ana duba rajistar asibiti a ga sau nawa ya yi aikin a watannin baya, a duba takardar horo, sannan mai duba aikin ya gan shi yana yi.

## Misali

Teburin da ke ƙasa misali ne na koyarwa, ba alƙaluman wani asibiti ba ne. A ɗauka akwai asibitin mazaɓa mai ma'aikata biyar: A shi ne incaji, B ungozoma ce, C mace ce CHEW, D namiji ne CHEW, E kuma mace ce JCHEW.

| Aiki | A | B | C | D | E | Masu yi su kaɗai | Buƙata |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Awon ciki | 2 | 3 | 2 | 1 | 1 | 3 | 2 |
| Karɓar haihuwa | 1 | 3 | 2 | 0 | 1 | 2 | 6 |
| Rigakafin yara | 2 | 2 | 2 | 3 | 2 | 5 | 2 |
| Kula da firijin rigakafi | 1 | 0 | 0 | 3 | 1 | 1 | 2 |
| Rahoton wata | 3 | 1 | 1 | 2 | 0 | 2 | 2 |

Masu yi su kaɗai su ne masu maki 2 ko 3. Idan an shigar da teburin a manhajar Excel, inda ma'aikatan ke ginshiƙan B zuwa F, karɓar haihuwa kuma ke layi na uku, wannan lissafi ne ke ƙirga su:

```
=COUNTIF(B3:F3,">=2")
```

Buƙatar mutum shida a karɓar haihuwa ta fito ne daga lissafin awoyi. Awon ciki da rigakafi suna da ranakunsu, amma naƙuda ba ta da lokaci, dole a sami mai iyawa dare da rana. Shekara tana da awa 8,760. Ma'aikaci mai zuwa aiki kwana biyar a mako yana da kwana 260, kuma idan aka ɗauka hutu da horo da rashin lafiya sun cinye kwana 50, saura 210. Kwana 210 sau awa takwas ya ba da awa 1,680. Idan aka raba 8,760 da 1,680 za a sami kimanin 5.2, wato mutum biyar ba su cika ba sai an ƙara na shida. Irin wannan lissafi na lokacin aiki shi ne ginshiƙin hanyar WISN da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 1998, ta kuma sabunta a 2010.

Daga teburin ana karanta abubuwa uku. A rigakafin yara akwai rara, don haka tura wani horo a kai ɓarnar kuɗi ce. A kula da firiji mutum ɗaya ne kacal, wanda idan ya tafi hutu magungunan rigakafi na iya lalacewa ba a lura ba, amma gyaran mai sauƙi ne, tunda D na da maki 3 zai iya koya wa E. A karɓar haihuwa kuwa akwai giɓin mutum huɗu da horo kaɗai ba zai cike ba, musamman ganin cewa mata da yawa a yankin sun fi son mace ta karɓi haihuwarsu. A nan sai dai a ɗauki sababbin ma'aikata mata, ko a tsara kwanan jiran kira, ko a riƙa tura masu naƙudar dare Babban Asibitin Kafin Hausa.

Masu tsara ma'aikata sukan ƙara shekarar ritaya a ƙarƙashin sunan kowa. A ƙa'idar aikin gwamnati da aka saba da ita, ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa. Idan B ta kusa ritaya, asibitin zai rasa mai koyarwa a layi biyu lokaci guda.

## Kurakurai da iyakoki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cike maki daga shaidar karatu. Alamarsa ita ce a ga duk masu muƙami ɗaya suna da maki iri ɗaya a kowane layi. Wani kuskuren shi ne yawan layuka: idan aka kwafe kowace jimla, jadawali ya kai layi ɗari, ba mai iya sabunta shi. Akwai kuma haɗa makin da ƙarin girma, wanda ke sa kowa ya nemi a rubuta masa 3, giɓin da ake nema ya ɓuya.

Jadawalin yana nuna wanda ya iya aiki, amma ba ya nuna ko yana wurin. Sunan ma'aikaci na iya kasancewa a takardar albashin wani asibiti alhali an tura shi wani wuri, don haka ake gwada jadawali da rajistar zuwa aiki. A fadamar Kogin Haɗejiya wannan ya fi fitowa a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ambaliya kan yanke hanyoyi. Ungozomar da ke kwana a Haɗejiya tana zuwa aiki ƙauye na iya kasa isowa, ko da makinta 3 ne. Saboda haka ake ƙara wurin kwanan ma'aikaci a jadawali, ake kuma sake duba shi kafin faɗuwar damina da bayan kowane sauyin wurin aiki.